Wasiƙar neman ƙarin bayani

wasiƙar neman ƙarin bayani (suna, mace, jam'i: wasiƙun neman ƙarin bayani) takardar da kamfanin inshora ke aika wa wanda ya nemi diyya, domin ya kawo sauran shaidun da za a kimanta asararsa da su. Ba amincewa da biya ba ce, ba kuma ƙi ba. Aiki yakan tsaya sai amsa ta iso. Takan ɗauki lambar fayil, da jerin abubuwan da ake so, da wa'adi.

*Misali:* Ambaliya ta cinye shinkafar wani manomi a fadamar Kebbe, sai aka rubuto masa ran 3 ga Satumba cewa cikin kwana 14 ya kawo:

1. rasidin kuɗin inshorar da ya biya;
2. hotunan gonar cikin ruwa;
3. rahoton malamin gona kan faɗin wurin da ya lalace;
4. rasidin iri da taki.

Idan daga ranar rubutu ake ƙirga wa'adin, ran 17 ga wata zai cika, ko da wasiƙar ta makara a hanya. Wanda bai haɗa su duka ba ya miƙa abin da ya samu, ya nemi ƙarin lokaci a rubuce, ya riƙe kwafi mai hatimin karɓa.