Hutu da Na'ibanci a Aikin Jinya, daga Tudun Wada zuwa Shika

Tun zamanin da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake rarrabe tsakanin Tudun Wadar Zariya da Kaduna da Malumfashi, har zuwa shekarar 2005 da aka tare a mazauninsa na dindindin a Shika, ƙa'ida guda ce manyanmu suka gadar mana game da hutu, wato ma'aikaciyar jinya ba ta ɗaga ƙafa sai ta san wadda za ta tsaya a gurbinta. Dalili kuwa shi ne, tsaron ɗakin majinyata tamkar farilla kifaya yake, idan wata ta tsaya ya faɗi a kan saura, idan aka rasa mai tsayawa alhakin ya hau kan kowa.

Hutun shekara, wanda yake kwana 30 ga manyan ma'aikata, ba shi da wuyar sha'ani, domin tun farkon shekara ake tsara shi. Mushkilar tana ga uzurin da ya taso bayan an kafe jadawalin wata, wanda ya raba mu uku: safe, yamma da dare. A Tudun Wada, inda asibiti yake cikin gari, musanya ba ta da nauyi; amma da aka koma Shika, wadda take gaba da Samaru a kan hanyar Funtuwa, sai ya zama mai zuwa daga Sabon Gari tana bukatar sanarwa tun da wuri saboda abin hawa, musamman idan aikin dare ne.

A ƙaddara wata tana da daren Juma'a da na Asabar, ga kuma bikin ƙanwarta. Tun mako biyu kafin ranar za ta duba jadawali, ta nemi wadda ta cika sharaɗi biyu: ta kasance tsararta a muƙami, domin sabuwar ɗauka ba a damƙa mata makullin akwatin magunguna masu haɗari, kuma kada ta kasance tana da aikin safiyar Asabar, domin wadda ta kwana a tsaye ba a amince mata da lissafin allura. Sai ta ce, "Yaya, don Allah ki riƙe mini dare biyun nan, in biya ki da Talata da Laraba." Idan ta amsa, sai su rubuta, su sa hannu su biyu, su kai wa Sista mai kula da ɗakin ta gyara jadawali da alƙalaminta.

Musanyar baka, wadda wayar hannu ta sauƙaƙa a wannan zamani, ita ce asalin yawancin saɓani, kuma alamarta ba ta ɓuya: lokacin miƙa aiki ya wuce, mai aikin yamma tana zaune da littafin rahoto ba wadda ta karɓe ta. A nan hukuma ba ta tambayar wadda ta yi alkawari, sunan da ke kan jadawali take bi, ko da mai sunan tana tsakiyar kai amarya.