Yadda jadawalin sassan tantanin tsiro ya samo asali

Takardar bitar da ɗaliban sakandare ke haddacewa gab da jarrabawar WAEC ko NECO takan jera sassan tantanin tsiro a layi ɗaya, kowane da aikinsa a gefe, kamar rana ɗaya aka gano su. Alhali kusan shekara ɗari uku aka kwashe ana cike layukan nan, kuma ƙarfin madubin kimiyya na kowane zamani ne ya yanke abin da zai shiga. A 1665 Robert Hooke ya yanka ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya ga ƙananan ɗakuna a jere. Bangon tantani kawai ya gani, domin abin da ke ciki ya daɗe da mutuwa. Sai a 1831 Robert Brown ya bayyana nukiliyas, cibiyar tantani. Ribosom kuwa, mai haɗa furotin, ya jira har 1955, lokacin da George Palade ya bayyana shi da madubi mai amfani da elektiron, saboda ƙanƙantarsa ta fi ƙarfin madubin haske.

Ganin abu daban, sanin aikinsa daban, kuma nan ne takardar ta fi ɓoye wahala. An daɗe ana kallon koren ƙwayoyin da ke cikin ganye, wato kuloroflas, ba a san me suke yi ba. A shekarun 1860 Julius von Sachs ya ajiye tsiro cikin duhu, sitacin da ke cikin ƙwayoyin ya ɓace. Da ya mayar da shi haske, sitacin ya dawo. Da aidin ake gane hakan, domin yana mayar da sitaci shuɗi mai duhu. Daga irin wannan gwaji aka tsamo ’yan kalmomin nan na jadawali, cewa a kuloroflas tsiro ke haɗa abincinsa.

Wani malami zai ce manhaja ta yi yawa, lokaci ya yi kaɗan, kuma mai duba takardar jarrabawa ba zai yi tambaya a kan Sachs ba. Gaskiya ne. Sai dai ɗalibin da ya ɓare siririyar fatar cikin albasa, ya ɗiga mata aidin, ya leƙa madubi, zai ga bango da nukiliyas, ya rasa kuloroflas da ribosom, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Dalilan biyu ne kuma ba iri ɗaya ba: ribosom yana nan, madubin ne ya gaza, kamar yadda ya gaza wa Brown, kuloroflas kuwa babu shi a fatar, domin ƙwan albasa rumbun ajiya ne, koren ganyenta ne ke haɗa abincin. Zanen tantanin da ke kan takardar harhaɗe ne na abubuwan da aka gani a tsirrai dabam-dabam da madubai dabam-dabam, don haka mai son ganin kuloroflas da idonsa sai ya nemi siririn koren ganye.