Mai Tsara Ayyuka na Karɓa-karɓa ko Manhaja Mai Ƙwace: Ma'aunin Zaɓi a Ƙaramar Na'ura

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake zaɓa tsakanin mai tsara ayyuka na karɓa-karɓa, inda kowane aiki ke sakin firosesa don kansa, da manhaja mai kiyaye wa'adi irin FreeRTOS, wadda ke ƙwace firosesa ta miƙa wa aikin da ya fi gaggawa. An yi lissafin a kan na'urar kula da cajin batirin sola. Sakamakon ya nuna cewa yawan ayyuka da nauyin firosesa ba su suke yanke hukunci ba. Abin dubawa shi ne jira mafi tsawo da ba ya gutsuruwa, idan aka auna shi da wa'adi mafi gajarta.

Matsalar

A tsarin karɓa-karɓa, agogon na'ura yana bugawa, a ce duk milisakan 1, madauki ɗaya kuma yana duba aikin da lokacinsa ya yi, ya kira shi, ya jira har ya gama. Michael Pont ya yi wa wannan salo cikakken bayani a littafinsa na 2001. Babu mai katse wani, don haka ayyuka biyu ba sa taɓa bayani ɗaya a lokaci guda, kuma dukkansu sitak ɗaya suke amfani da shi, wato wurin da aiki ke ajiye bayanansa na wucin gadi.

Injiniyoyi da yawa kan fara da tambayar kashi nawa na lokacin firosesa ayyukan ke ci. Tambayar ta samo tushe ne daga aikin Liu da Layland na 1973, waɗanda suka nuna cewa idan aka fifita aikin da ya fi yawan maimaituwa, duk wa'adi zai cika muddin nauyin bai wuce kusan kashi 69 cikin ɗari ba. Sai dai hujjarsu ta ginu a kan cewa ana iya ƙwacewa kuma ayyukan ba sa jiran juna. A karɓa-karɓa sharaɗin farko bai cika ba, saboda haka wannan adadi ba shi da abin cewa. Lissafin da ya dace da aikin da ya fi gaggawa shi ne:

```
R = B + C
```

C shi ne tsawon aikin kansa, B kuwa aiki mafi tsawo da zai iya riƙe firosesa a gabansa. Dole R ya zauna ƙasa da wa'adi.

Misalin da aka lissafa

A ɗauka na'urar tana kan STM32F103C8, mai gudun megahaz 72 da ma'adanar aiki ta kilobayit 20. Aiki na farko yana karanta ƙarfin wuta ya daidaita caji duk milisakan 10, yana cin milisakan 1. Na biyu yana sabunta allo SSD1306 sau biyu a sakan. Na uku yana rubuta bayanai a katin SD sau ɗaya a minti.

Allon yana da ɗigo 128 sau 64, wato bayit 1024. A layin I2C mai gudun kilohaz 400 kowane bayit yana cin bugu 9, don haka tura hoto ɗaya yana ɗaukar kusan milisakan 23. Jimillar nauyin ayyukan uku bai kai kashi 16 cikin ɗari ba, firosesa kusan zaman banza yake. Duk da haka, idan allo ya riga aikin caji shiga, R ya zama 24, wa'adi kuwa 10 ne. Zagaye biyu na daidaita caji sun salwanta ke nan, sau biyu a kowane sakan.

Maganin wannan bai kai a sauya manhaja ba. Ma'adanar allon a kashe take shafi 8, kowane bayit 128, kuma shafi ɗaya yana tafiya cikin kusan milisakan 2.9. Sai aikin allo ya tura shafi ɗaya, ya riƙe lambar inda ya tsaya, ya saki firosesa, a riƙa kiransa sau 8 kan kowane hoto:

```c
void aikin_allo(void) {
    static uint8_t shafi;
    tura_shafi(shafi);
    shafi = (shafi + 1) % 8;
}
```

Yanzu R ya sauko zuwa 3.9, da sauran rata mai yawa.

Katin SD ne mai wuyar sha'ani. Ƙa'idar katunan SDHC ta ba kati damar ɗaukar har milisakan 250 kafin ya kammala rubutu ɗaya, domin wani lokaci sai ya share wani ɓangare a cikinsa tukuna. Yawancin rubutu kan ƙare da wuri, shi ya sa matsalar ba ta cika bayyana a teburin gwaji ba. Jiran kuma yana can ƙarƙashin `f_write` na FatFs, wanda ba ya dawowa sai ya gama. Gutsura shi na nufin sake rubuta lambobin wani, wanda ba ƙaramin aiki ba ne.

Hanya biyu suka rage. Tunda aikin gaggawa ɗaya ne kuma gajere, ana iya mayar da shi cikin katsewar agogo, ya riƙa tsinke duk abin da madauki ke yi. A ganina wannan ya wadatar da na'urar nan. Amma da ayyukan gaggawa uku ne, kowane da nasa wa'adi, ga kuma modem mai jiran amsa na sakan da yawa, to mai cusa su duka cikin katsewa ya fara ƙera manhajar ƙwace da hannunsa ne ba tare da kayan gwajinta ba. A nan FreeRTOS ta cancanci kuɗinta.

Abin da ƙwace ke ci

Kowane aiki sai an yanka masa sitak nasa. A Cortex-M3, ajiye rajista 16 lokacin sauya aiki yana cin bayit 64, kuma `configMINIMAL_STACK_SIZE` a misalai da yawa kalma 128 ce, wato bayit 512. Idan aka ba ayyuka biyu 512 kowane, aka ba na kati 1024, aka ƙara 512 na aikin zaman jira, an kashe kilobayit 2.5. A cikin 20 wannan ba komai ba ne. A ATmega328P mai kilobayit 2 kacal, maganar ta ƙare tun kafin a fara. Sitak da ya cika ya tumbatsa kan ɓata bayanan maƙwabcinsa, na'ura ta rikice a wani wuri dabam, don haka a lokacin gwaji ana kunna `configCHECK_FOR_STACK_OVERFLOW`, a kuma karanta `uxTaskGetStackHighWaterMark` bayan an bi da na'urar ta hanyoyinta mafi nauyi.

Ɗaya kuɗin ya fi ɓoyuwa. A ɗauka ma'aunin wutar, kamar INA219, yana kan layin I2C ɗaya da allo. Dole a sa wa layin makulli. Idan aikin allo ya riƙe makullin ya fara tura bayit 1024, aikin caji zai ƙwace firosesa, amma ya tsaya a bakin makulli har milisakan 23. B ya dawo ta bayan gida, kuma maganinsa shi ne dai gutsura hoton shafi-shafi, a saki makulli tsakanin shafuka.

Abin ya fi muni idan aiki mai matsakaicin matsayi ya ƙwace firosesa daga mai riƙe da makulli, domin babban aiki zai yi ta jiran wanda bai kai shi ba. Haka ya faru da Mars Pathfinder a watan Yulin 1997: aikin tattara bayanan yanayi ya riƙe makulli, matsakaitan ayyuka suka hana shi gudu, mai gadin lokaci ya yi ta sake kunna kwamfutar. An gyara ta daga duniya ta hanyar kunna gadon matsayi a VxWorks, dabarar da Sha, Rajkumar da Lehoczky suka bayyana a 1990, inda mai riƙe da makulli ke aron matsayin mai jiransa. A FreeRTOS, `xSemaphoreCreateMutex` yana da wannan gado, `xSemaphoreCreateBinary` ba shi da shi, ga shi kuma da `xSemaphoreTake` ɗaya ake karɓar su duka.

Auna B

B na allo an same shi da alƙalami, na kati kuwa sai an auna. A ɗaga wata ƙafar firosesa a farkon kowane aiki, a sauke ta a ƙarshensa, a kalli faɗin bugun a osiloskof. Ko kuma a karanta `DWT->CYCCNT` kafin aiki da bayansa, a ajiye adadi mafi girma da aka taɓa gani, domin matsakaici yana ɓoye dogon jiran da ake nema. A bar gwajin ya kwana yana rubutu, a kan katin da ya kusa cika, a kuma gwada katunan kamfanoni dabam-dabam, tunda wanda mai na'ura zai saya a kasuwa ba lalle ya zama irin na ɗakin gwaji ba.