Haruffan da suka tona asirin cutar shan inna

A shekarun da aka fi zafafa yaƙi da shan inna, duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ta saki farat ɗaya a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, ƙa'ida ɗaya ce: jami'in sa ido zai karɓi bayan gidansa sau biyu, da tazarar akalla kwana ɗaya, ya sa a akwatin sanyi. Daga nan sai ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. In an sami ƙwayar cutar, akan tura ta Atlanta a Amurka don a karanta haruffanta, a san daga ina ta fito.

Dabarar karatun ta samo asali ne a Cambridge, inda Frederick Sanger da abokan aikinsa suka wallafa ta a 1977, ta kuma jawo masa kyautar Nobel karo na biyu a 1980. Sanger ya san cewa DNA sarƙa ce mai haruffa huɗu, A, C, G da T, kuma wajen kwafi kullum A na fuskantar T, C na fuskantar G. Kowane harafi yana da ƙugiyar da na gaba zai maƙale. Sai ya cakuɗa 'yan haruffa marasa ƙugiya cikin lafiyayyu. Da zarar sinadarin da ke kwafin ya ɗauki mara ƙugiya, sarƙar ta tsaya ke nan. Da yake miliyoyin kwafi ake yi lokaci guda, wata za ta tsaya a harafin farko, wata a na biyu, har a sami guntu na kowane tsawo.

Da farko kwalba huɗu ake haɗawa, a karanta sakamakon da ido a jikin fim. A 1986 ne ɗakin binciken Leroy Hood a California ya nuna yadda za a yi da rini huɗu masu ƙyalli. A na'urorin yanzu, kowane harafi mara ƙugiya yana ɗauke da rininsa. Lantarki na jan guntayen ta cikin bututu siriri kamar gashi, gajeru su riga dogaye, hasken leza kuma yana haska kowanne a bakin fita.

Mu ɗauka haruffan da ake kwafa su ne `TACGG`. Guntayen za su kasance `A`, `AT`, `ATG`, `ATGC` da `ATGCC`, su iso a wannan jeri. A allon kwamfuta kowanne zai fito kamar tudu mai launin harafinsa na ƙarshe: kore ga A, ja ga T, baƙi ga G, shuɗi ga C. Mai karatu zai ga kore, ja, baƙi, shuɗi, shuɗi, ya rubuta `ATGCC`.

Gwani ba ya yarda da abin da na'ura ta rubuta sai ya dubi tuddan. Lafiyayyen karatu tuddansa tsini gare su, tazararsu daidai, ƙasansu tas. Haruffa talatin ko arba'in na farko a cakuɗe suke fitowa, bayan ɗari bakwai zuwa takwas kuma tuddan sukan baje su shige juna. In launi biyu suka hau kan juna a wuri guda, alama ce ta ƙwayoyi iri biyu a samfurin, na'urar ma takan sa `N`, wato ta kasa tantancewa. Shi ya sa ake karantawa daga kai, a sake daga gindi, a gwama.

Ƙwayar shan inna RNA gare ta, don haka sai an mayar da ita DNA an ninka ta. Sashen da ake karantawa, `VP1`, haruffansa kusan 900 ne, kuma kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na sauyawa duk shekara. Wannan ya zama tamkar agogo. A nau'i na biyu na ƙwayar shan inna, bambancin haruffa shida da ƙwayar da ke cikin rigakafi ya isa a ce ƙwayar rigakafin ta rikiɗe. Ka ga ke nan tudu ɗaya da aka karanta ba daidai ba zai iya sauya hukunci.

A watan Agustan 2016, bayan shekara biyu Najeriya ba ta ga ƙwayar daji ba, wato wadda ba daga rigakafi ta samo asali ba, sai aka sami yara biyu da ita a Gwoza da Jere a Jihar Borno. Haruffan suka nuna ba baƙuwa ba ce: jinin wadda aka gani a Borno a 2011 ce, ta shekara biyar tana yawo inda rikici ya hana jami'ai shiga. Sai 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar dajin.