Laƙabin "Gamin Gambiza" a Tarihin Addini a Ƙasar Garwa

Masu nazari sun daɗe suna kiran wasu al'adun arewacin Kamaru gamin gambizar addini. Wannan laƙabi yana da tarihi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kira masu cuɗanya Musulunci da tsafi "mukhallitun", wato masu gaurayawa. Bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta wajajen 1809, irin wannan hukunci ya shiga siyasar Fombina, inda Fulani suka kafa sarautar Lamiɗo a Garwa kusa da Falawa da Batawa. A lokacin, wanda aka ce ya gauraya addini ana iya halatta yaƙarsa.

Misali ɗaya shi ne bori, wanda Hausawa suka yaɗa a biranen yankin. Cikin iskokinsa akwai Malam Alhaji, wanda ake siffantawa da allo da carbi. Ɗan bori kan ɗauki kansa Musulmi mai neman magani, alhali malamai da dama suna ganin abin shirka ne.

Saboda haka, adalci shi ne mai nazari ya fara bayyana abin da ake yi, sannan sunan da masu yi suka ba shi, sa'an nan ya faɗi wanda ya soke shi da hujjarsa. Ta haka ne bayani zai rabu da hukunci.