Idan an tambaye ka unguwa a ganawar neman aiki a Bangui

A Bangui, mai ɗaukar ma'aikata ba sai ya tambayi addininka ba. Ya isa ya ce, "A wace unguwa kake?" Tun rikicin 2013, duk wanda ya ce PK5 ana ɗaukarsa Musulmi.

Yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ƙasar ta amince da ita, ta hana wariyar addini da jinsi, amma ba ta ambaci shekaru ba. Kawo maganar doka a gaban mai tambaya yakan ɓata ganawar. Gara ka ce, "Ina gunduma ta 3, kuma ba na makara." Kada ka ƙirƙiri adireshi, domin takardunka za su tona ka.

Mace kuwa, idan an tambaye ta aure ko ciki, ta ce, "Lokutan aikin nan sun yi mini daidai."