Sabunta kwantiragin aiki mai wa'adi

Kwantiragin aiki mai wa'adi yarjejeniya ce da ke ƙarewa a ranar da aka rubuta a takarda. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta 1974 ba ta ƙayyade sau nawa za a sabunta shi ba, don haka yawan sabuntawa kaɗai ba ya mayar da ma'aikaci na dindindin.

Idan saɓani ya taso a Kano, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Gyaɗi-Gyaɗi, ƙaramar hukumar Tarauni, ita ke sauraron ƙarar. Takan duba yadda aikin ya gudana a zahiri. Misali, direban da wa'adinsa na wata shida ya cika, ya ci gaba da aiki shekara uku ana biyansa albashi babu sabuwar takarda, yana da hujjar cewa aikinsa ya daina zama mai wa'adi.